Mai Bin Sawun Lambobi: Yadda Ake Gano Ƙa'idar Jeri a Jarrabawar Auna Basira

A ajin yamma da nake koyar da matasa masu shirin jarrabawar neman aiki, akwai wani shiru da na riga na saba da shi. Yakan sauka ne idan na rubuta lambobi biyar a allo, na sa alamar tambaya a ƙarshensu. A ce 3, 8, 15, 24, 35, sai a nemi ta shida. Kowa zai ƙura wa allon ido, wasu suna motsa leɓe, wasu suna taunar biro, ana jiran amsar ta faɗo da kanta. Cikin mutum talatin, da wuya ka ga biyar sun sa biro a takarda. Wannan zuba ido shi ne abin da ya fi cinye musu lokaci a ɗakin jarrabawa, kuma shi nake fara yaƙa tun ranar farko.

Irin wannan tambaya ta daɗe a duniya. A 1917, lokacin da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani rukunin masana halayyar ɗan Adam ƙarƙashin Robert Yerkes ya tsara wa sojojin ƙasar jarrabawar tantance sababbin kurata. Cikin sassa takwas na wadda aka yi wa masu iya karatu, ɗaya na cike jerin lambobi ne. Daga nan salon ya bazu zuwa makarantu da kamfanoni. A Nijeriya yaro yakan fara cin karo da shi tun a firamare, a littattafan shirin jarrabawar shiga sakandare, sannan ya sake tarar da shi bayan ya gama jami'a, a gaban kwamfuta, ranar da banki ko wata ma'aikata ke tace dubban masu neman gurbi kaɗan. Masu shirya jarrabawa suna son sa ne domin lissafin da ke ciki bai wuce na ɗan aji shida ba: tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa. Abin da suke aunawa shi ne ko mutum zai iya hango tsari a wurin da ba a faɗa masa tsarin ba.

Wanda ya taɓa ganin makiyayi yana bin sawun dabbar da ta ɓata ya san ba sawu ɗaya yake tsayawa kallo ba. Yana duban nisan da ke tsakanin wannan taku da wancan, daga nan yake sanin ko tafiya dabbar take yi ko gudu, ko kuwa ta fara gajiya. Lambobin jeri ma haka suke. Lamba 24 ita kaɗai ba ta da labarin da za ta ba ka. Labarin yana cikin tazarar da ke tsakaninta da 15, da kuma tsakaninta da 35.

Don haka aikin farko shi ne a rubuta tazarar a ƙarƙashin jerin, a rubuce, ba a ka ba. Daga 3 zuwa 8 akwai 5. Daga 8 zuwa 15 akwai 7. Sai 9, sai 11. Yanzu muna da sabon jeri ƙarami, 5, 7, 9, 11, wanda ko ɗan aji uku zai ce 13 ne ke biye. A ɗora 13 a kan 35, an sami 48. Aikin da zuba ido ya kasa yi cikin minti biyu, biro ya gama shi cikin daƙiƙa goma sha biyar.

Yana da kyau a san dalilin da ya sa hakan ta yi aiki, domin wanda ya san dalili ba ya mantawa. Ka ɗauka magini yana shimfiɗa tayil a tsakar ɗaki, ya jera uku a tsaye uku a kwance, tayil 9 ke nan. Idan yana son ya faɗaɗa zuwa huɗu da huɗu, zai ƙara uku a gefe ɗaya, uku a ɗaya gefen, da ƙwaya ɗaya a kusurwa: 7. Daga huɗu da huɗu zuwa biyar da biyar zai ƙara 9, na gaba 11. Kowane faɗaɗawa yana cin tayil biyu fiye da na bayansa, saboda kowanne daga gefunan biyu ya ƙaru da ɗaya. Shi ya sa lambobin da ake samu idan an ninka lamba da kanta, wato 1, 4, 9, 16, 25, 36, 49, tazararsu take tafiya 3, 5, 7, 9, 11, 13. Jerin da na rubuta a allo waɗannan lambobin ne aka ɗebe wa kowacce ɗaya: 4 ta koma 3, 9 ta koma 8, 36 ta koma 35, kuma 49 za ta koma 48. Hanya biyu sun kai mu gida ɗaya, kuma idan haka ta faru a jarrabawa, ka zaɓi amsarka ka wuce ba waiwaye.

Daga nan aka sami mizani mai amfani. Idan tazarar farko ba ta canzawa, tarawa ce zalla, kamar zubin adashi da ake ƙara adadi ɗaya kowane mako. Idan tana canzawa, a sake ɗaukar tazarar tazarar. In ta tsaya cak a hawa na biyu, kamar yadda 5, 7, 9, 11 suka ba mu 2, 2, 2, to akwai lamba sau kanta a ɓoye. In sai a hawa na uku ta tsaya, lambar da aka ninka da kanta har sau uku ce a ciki, irin su 1, 8, 27, 64, 125. Ba sai mutum ya gano ainihin siffar ƙa'idar ba kafin ya ba da amsa. Ya isa ya sauka har hawan da ya tsaya, ya ƙara lamba ɗaya a wurin, ya hau da tarawa. Wannan dabara ce Charles Babbage na Ingila ya so ya ɗora wa injin ƙarfe a shekarun 1820, injin da zai riƙa fitar da jadawalin lissafi da tarawa kawai.

Amma ɗebewa tana da iyaka, kuma sanin iyakar shi ne ya bambanta wanda ya fahimta da wanda ya haddace. Duba 2, 5, 11, 23, 47. Tazara: 3, 6, 12, 24. Tazarar tazara: 3, 6, 12. A sake: 3, 6. Komai zurfin da ka sauka, abu ɗaya kake tararwa, kamar mai haƙa a cikin yashi. Duk lokacin da tazara ta ƙi lafawa, ta riƙa maimaita kamannin abin da ke samanta, wannan alamar ninkawa ce. A nan kowace lamba ninki biyu ce ta wadda ta gabace ta, da ƙarin ɗaya: 23 sau 2 da 1 shi ne 47, saboda haka 47 sau 2 da 1 shi ne 95. Tazarar ma ta yarda da hakan, domin bayan 24 sai 48, kuma 47 da 48 sun ba da 95.

Ana iya gane wannan tun kafin a sa biro, ta hanyar duban lambobi biyu na ƙarshe. Idan ta ƙarshe ta ɗara ta bayanta da kaɗan, kamar 24 da 35, a fara da ɗebewa. Idan ta ninka ta ko ta fi, kamar 23 da 47, a fara da rabawa. Kallo ɗaya ne, amma yakan ceci rabin minti.

Yanzu ga tambayar da nake ajiye wa mako na uku, wadda na fi son mu zauna a kanta:

2, 3, 8, 27, 112, ?

Duk lokacin da na rubuta ta, ba a rasa wanda zai ɗaga hannu da sauri. Wata rana wata ɗaliba ce, mai kaifin ƙwaƙwalwa kuwa, ta ce, "Malam, ai na gani. 8 biyu ne sau biyu sau biyu, 27 kuma uku sau uku sau uku." Na ce mata, "Madalla. To idan haka ne, me ya kamata ya biyo bayan 27?" Ta ce 64. Na nuna mata 112 da ke zaune a wurin. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wataƙila an ƙara wani abu." Nan ne tarkon yake. Idon da ya saba da wasu lambobi yakan cafke su ya ƙi saki, sai mutum ya shiga yi wa ƙa'idarsa faci, ya ƙara nan ya rage can, don ta shiga dole. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Lambobi biyu cikin biyar da suka yi kama da abin da ka sani ba hujja ba ce, musamman idan sauran ukun sun ƙi amincewa.

Mu bi ta a tsanake. Tazara: 1, 5, 19, 85. Tazarar tazara: 4, 14, 66. Babu alamar lafawa, ƙara tashi ma take yi. Kuma da mun duba ƙarshen jerin tun farko, da mun ga 112 ta ninka 27 fiye da sau huɗu. Ashe rabawa ce aikin.

Sai dai a fara rabawar daga ƙarshe, wajen manyan lambobi. Dalili kuwa shi ne a farkon jeri, inda lambobi suke ƙanana, ɗan abin da aka ƙara yakan rufe ninkin. Daga 2 zuwa 3 ana iya cewa an ƙara ɗaya, ko an ninka biyu an ɗebe ɗaya, ko an ninka uku an ɗebe uku, hanyoyi ba iyaka. Amma daga 27 zuwa 112 zaɓin ya ƙuntata, ninkin ya fito fili, ƙarin kuma ya zama ɗan guntu a gefe.

Kuma a yi rabawar irin ta firamare, mai saura, kada a shiga ɗigo da ɓurɓushin lamba. 112 a raba da 27: sau 4, domin 27 sau 4 shi ne 108, saura 4. 27 a raba da 8: sau 3, saura 3. 8 a raba da 3: sau 2, saura 2. 3 a raba da 2: sau 1, saura 1. Ƙa'idar ta bayyana da kanta ba tare da an yi hasashe ba: a ninka da 1 a ƙara 1, a ninka da 2 a ƙara 2, haka har zuwa 4. Mataki na gaba a ninka da 5 a ƙara 5. 112 sau 5 shi ne 560, da 5 ya zama 565. Wanda ya danna kalkuleta zai ga 4.148 da 3.375 da 2.667, lambobin da ba sa nuna komai sai cewa ninkin yana hawa. Sauran da rabawar firamare take bari shi ne rabin amsar, kalkuleta kuma niƙe shi take yi.

Akwai ƙaninta da nake biyo ta da shi: 2, 3, 8, 31, 154. Lura cewa lambobi ukun farko iri ɗaya ne da na ɗazu. 154 a raba da 31 ya ba da 4, saura 30. 31 a raba da 8 ya ba da 3, saura 7. Sauran 30 da 7 ba su da wani tsari a ido, amma kowanne saura ƙiris ya kai abin da aka raba da shi: 30 ɗaya ya rage ya cika 31, 7 ɗaya ya rage ya cika 8. Idan saura ya yi girma haka, ma'anarsa an ninka ne da lamba ta gaba sannan aka ɗebe. Wato 31 sau 5 a ɗebe 1, 8 sau 4 a ɗebe 1, 3 sau 3 a ɗebe 1, 2 sau 2 a ɗebe 1. Ta gaba ita ce 154 sau 6, wato 924, a ɗebe 1: 923. Kamar mai sayayya ne da aka ce masa kaya naira 990. Ba ya lissafa ɗari tara da casa'in a ransa, dubu ba goma yake cewa.

Zaɓuɓɓukan amsa da ake jerawa a ƙarƙashin tambaya ba a banza ake zuba su ba. Mai tsara tambaya mai kyau yakan gina amsoshin ƙarya daga kurakuran da ya san za a yi. A tambayarmu ta 112, kada ka yi mamakin ganin 560, don wanda ya ninka ya manta ƙari, da 564, don wanda ya ɗaga ninkin zuwa 5 amma ya bar ƙarin a 4, da 452, don wanda ya maimaita matakin baya gaba ɗaya. Saboda haka ganin amsarka a cikin zaɓi ba shaida ba ce cewa ka dace. Na sha ganin ɗalibi ya yi murna da ya ga lambarsa a jerin zaɓi, alhali ramin da aka haƙa masa ne ya faɗa. Shaidar da ake dogaro da ita guda ce: ƙa'idar ta bi ta kan kowace lamba da aka bayar, daga ta farko har ta ƙarshe, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Wani iri kuma shi ne jerin da ke hawa yana sauka. Misali 4, 30, 7, 26, 10, 22, 13. Idan ka ɗauki tazara za ka ga ƙarin 26, ragin 23, ƙarin 19, ragin 16, abin kamar hauka. Wannan tufka ce, zare biyu aka murɗe suka zama igiya ɗaya. A warware su ta hanyar tsallake ɗaya: 4, 7, 10, 13 zare ne mai hawa da uku-uku, 30, 26, 22 kuma mai sauka da huɗu-huɗu. Alamominta biyu ne, hawa da sauka, da kuma tsawo, domin mai tambaya dole ya ba da lambobi bakwai ko takwas kafin kowane zare ya sami abin da zai nuna kansa. Kuskuren da aka fi yi a nan ba wajen warwarewa ba ne, wajen sanin zaren da ke da layi ne. Lamba ta ƙarshe 13 ce, ta zaren farko, don haka yanzu layin na biyu ne: 22 a ɗebe 4, amsa 18. Wanda ya yi gaggawa zai rubuta 16, kuma ina tabbatar maka 16 tana nan cikin zaɓi tana jiransa.

Wasu jarrabawoyin sukan juya tambayar, su ba da cikakken jeri su ce a nemo lambar da ba daidai ba. Masu jarrabawa suna tsoron wannan fiye da kima, alhali tazara tana tona ta cikin sauƙi. Ga 5, 11, 23, 48, 95, 191. Tazara: 6, 12, 25, 47, 96. Da komai lafiya, da mun ga 6, 12, 24, 48, 96. Biyu ne suka karkace, kuma maƙwabtan juna ne: 25 ta yi sama da ɗaya, 47 ta yi ƙasa da ɗaya. Haka abin yake kullum idan lambar tana tsakiyar jeri, domin kowace lamba tana da hannu a tazara biyu, ta gabanta da ta bayanta. In ta yi yawa, ta bayanta ta kumbura, ta gabanta ta motse da daidai wannan adadi. Lambar da ke tsakanin karkatattun biyu ita ce mai laifi. A nan 48 ce, 47 ya kamata ta zama. Idan kuwa tazara ɗaya tak ce ta karkace, a duba bakin jerin, ta farko ko ta ƙarshe.

Duk wannan yana iya sa mai karatu ya ɗauka cewa kowane jeri yana da amsa ɗaya tilo da ke jiran mai basira. A lissafi ba haka ba ne, kuma ina ganin zalunci ne a ɓoye wa ɗalibai wannan. Dubi 2, 3, 5, 8. Tazara ita ce 1, 2, 3, don haka ta gaba 4, amsa 12. Amma kuma 2 da 3 sun ba da 5, 3 da 5 sun ba da 8, don haka 5 da 8 za su ba da 13. Wannan ta biyun sananniyar ƙa'ida ce, wadda ake jingina wa Leonardo na birnin Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci. Ya koyi lissafi da lambobin Indiya da Larabawa a Bijaya, a gaɓar tekun Aljeriya ta yau, inda mahaifinsa yake aiki, kuma ya kawo jerin a littafinsa na 1202 cikin wata tambaya kan haihuwar zomaye. Duka 12 da 13 suna da hujja cikakkiya. Idan ɗaya ce kawai a cikin zaɓi, an huta. Idan duka biyun suna nan, tambayar ce gurguwa, ba ɗalibin ba, kuma irin waɗannan suna da yawa a ƙananan littattafan tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa a bakin hanya, waɗanda ba wanda ya tace su. Lamba ɗaya da mai tambaya zai ƙara ta isa ta raba gardamar. Idan bai ƙara ba, kada ka ɓata minti uku kana zargin kanka. Zaɓi ɗaya ka yi gaba.

Haka 3, 5, 7 take: 9 idan ana ƙara biyu-biyu ne, 11 idan ana nufin lambobin da ba sa rabuwa da komai sai da ɗaya da kansu. Waɗannan lambobin, 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, su ne kaɗai irin da tazara ba ta taimakawa a kansu, domin tazararsu ba ta bin wani tsari mai sauƙi. Sai dai a san su da fuska, kamar yadda ake sanin 'yan unguwa. Su da lambobi sau kansu har zuwa 20 sau 20, da masu ninki uku har zuwa 1000, su ne ɗan abin da nake cewa a haddace. Sauran duk aiki ne na biro.

Abin da jarrabawa take nema, ashe, ba ita ce amsar da lissafi ya wajabta ba. Ƙa'ida mafi sauƙi take nema, wadda ta ɗauke duk lambobin da aka bayar ba tare da faci ba. Idan ka sami kanka da ƙa'ida mai sharaɗi uku da togaciya biyu don bayyana lambobi biyar, kusan tabbas ka bar hanya. Mai tambaya ya gina jerinsa ne da mataki ɗaya ko biyu, kuma an tsara tambayar don a amsa ta cikin kimanin minti ɗaya. Shawarata ga ɗalibaina ita ce a gwada ɗebewa har hawa biyu, a gwada rabawa mai saura daga ƙarshe, a gwada tsallake ɗaya, a gwada tara biyun baya. Idan duka huɗun sun ƙi, a yi mata alama a wuce, a dawo in lokaci ya rage. Tambaya ɗaya mai taurin kai tana iya cinye makin uku masu sauƙi da ke gabanta.

A ranar ƙarshe ta darasin nakan fitar da su daga jarrabawa kaɗan, in nuna musu wani abu da masanin lissafi Leo Moser ya shahara da shi. A zana da'ira, a ɗiga ɗigo a bakinta, a ja layi miƙaƙƙe tsakanin kowane ɗigo biyu, sannan a ƙirga yankunan da da'irar ta rabu. Ɗigo ɗaya, ba layi, yanki 1. Ɗigo biyu, yanki 2. Uku, 4. Huɗu, 8. Biyar, 16. Nakan tsaya nan in tambaya, ajin duka ya amsa da murya ɗaya: 32. A jarrabawa ma 32 ce amsar, kuma daidai ne su rubuta ta. Sai in ce kowa ya zana babbar da'ira a takardarsa, ya sa ɗigo shida ba a daidai tazara ba, don kada layuka uku su haɗu a wuri ɗaya a ciki, ya ƙirga da hannunsa yana sa lamba a kowane yanki. Suna samun 31. Sukan sake ƙirgawa, wasu har sau uku, suna neman yanki na talatin da biyu a wani lungu. Babu shi.

Ninki biyun da ya bayyana sau huɗu a jere haɗuwa ce kawai. Ainihin ƙa'idar tana cikin tazara, sai dai tana da zurfi. Daga 1, 2, 4, 8, 16, 31 ana samun 1, 2, 4, 8, 15. Daga nan 1, 2, 4, 7. Daga nan 1, 2, 3. A hawa na huɗu sai ta lafa: 1, 1. Wanda yake son sanin abin da ɗigo bakwai za su bayar sai ya ƙara wani 1 a ƙasa ya hau: 3 da 1 sun zama 4, 7 da 4 sun zama 11, 15 da 11 sun zama 26, 31 da 26 sun zama 57. Ɗalibar nan da ta ga 8 da 27 ba ta yarda da lissafin allo ba sai da ta gwada. Washegari ta zo da bayan wata tsohuwar kalanda, ta zana da'ira mai faɗin faranti da ɗigo bakwai da layuka 21, kowane yanki da lambarsa da jan biro, na ƙarshe a can gefe ɗauke da 57.